“Duk Yadda Kika Yi Daidai Ne”

Yayata ta shekara goma sha biyu a gidan mijinta, kuma a danginmu ita ake kafa misali da ita idan ana maganar dace da miji. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Kuɗin cefane ba ya makara. Idan ta tambaye shi abin da za a dafa, ya ce duk abin da ta dafa zai ci. Idan ta kawo maganar ɗinkin sallar yara, ko gudummawar bikin ƙanwarsa, ko kai ƙaramin asibiti, amsar ɗaya ce: “Duk yadda kika yi daidai ne.” Ƙawayenta har cewa suke ta mallake shi.

Wata ranar Asabar na same ta a tsakar gida, takardun makarantu uku a baje kan tabarma, shayinta ya huce ba ta kurɓa ba. Babbar 'yarsu ce za ta shiga sakandare. Na ce, “Yaya, me Abban yara ya ce?” Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Abin da ya saba faɗa. Wallahi na fi son ya ce mini a'a mu yi gardama, da ya bar ni ni kaɗai da wannan.” A lokacin ban gane ba. Ina ganin mata nawa ne ke kukan ba a shawara da su, ita kuma an miƙa mata wuƙa da nama tana ƙorafi. Sai da na bi maganar makarantar nan tun daga farkonta, sannan na ga abin da take ɗauke da shi.

Ita ce ta fara tunawa, tun yarinyar tana aji biyar na firamare, cewa lokaci ya matso. Babu wanda ya tuna mata. Daga nan ta shiga tambaya: maƙwabta, matan Islamiyya, wata malama da suka yi karatu tare. Ta hau adaidaita ta je makarantun da ƙafarta. Ta farko tana kusa da gida, kuɗinta da sauƙi, amma ajin ya cika maƙil har wasu na zaman ƙasa. Ta biyu tana da karatu, ga haddar Alƙur'ani, sai dai kuɗin zango ɗaya ya kusa ninka na farkon, kuma ƙanne biyu na tafe a baya. Ta uku ta kwana ce, ita kuma ba ta natsu da rabuwa da yarinya mai shekara goma sha ɗaya ba. Ta zauna ta lissafa kuɗin mota, da na yunifom, da na littattafai, ta gwada da abin da ke shigowa gidan. Duk wannan ya ɗauke ta wata da watanni. Da ta shimfiɗa masa a dare ɗaya bayan isha'i, bai fi minti biyu yana sauraro ba ya ce ta zaɓa, ai ta fi shi sani.

Wata mai nazarin zamantakewa, Allison Daminger, ta yi bincike a kan irin wannan aiki tana Jami'ar Harvard, aka wallafa shi a 2019. Ta tattauna da mutum 70 daga gidaje 35 a Amurka, ta gano cewa abin da muke dunƙulewa mu kira “yanke shawara” aiki huɗu ne a jere. Da farko hango buƙata kafin ta iso. Sai neman hanyoyin da ake da su. Sai zaɓen ɗaya daga ciki. Sai kuma bibiya, a ga ko abin ya tafi yadda ake so. A gidajen da ta bincika, na farko da na ƙarshe, wato hange da bibiya, sun fi faɗawa kan mata, kuma su ne ba a gani, domin a cikin kai ake yin su. Zaɓen kansa shi ne maza suka fi sa baki a ciki. To a gidan Yayata, ko wannan ɗin ma an bar mata. Dukan huɗun a kanta suke, ga shi ba wanda zai ce ta yi aiki, tunda ba a ga ta ɗauki tsintsiya ko ludayi ba.

Amma gajiyar tunani ba ita ce ta fi ci mata tuwo a ƙwarya ba. Ta zaɓi makaranta ta biyu. A zango na biyu aka ƙara kuɗi, kuma ya zo daidai da lokacin biyan haya. Mijin bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Yana duba takardar sai ya ce, a hankali, “Ni dama tun farko na fi ganin ta kusa da gidan nan.” Wannan jimla ɗaya ta kwana uku tana cin ta. Ashe yana da ra'ayi, bai faɗa ba sai da abu ya ɓaci. Da ya hanu ta miƙar da shi, zaɓin ya zama nata ita kaɗai, laifin ma nata ita kaɗai, shi kuma hannunsa fes.

A ganina nan ne zuciyar maganar. Wanda ya ce maka “duk yadda ka yi” yana ba ka iko, gaskiya ne, amma yana haɗa maka da alhakin abin da zai biyo baya. Idan an dace, gida ne ya dace, ba a ma tuna wanda ya zaɓa. Idan an yi kuskure, an san mai shi. Mutumin da ya shekara yana rayuwa a haka yakan koma mai tsoron zaɓi, ya riƙa juya ƙaramin abu sau goma, domin ya san ba shi da abokin raba nadama.

Akwai wani nauyin kuma, na duba. Nicole Kim da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2023 a kan abin da ke faruwa idan mutum biyu za su zaɓi abu tare, ɗaya ya ce shi ba shi da zaɓi. Sun ga cewa wanda aka faɗa wa ba ya cika yarda. Yakan ɗauka ɗayan yana da abin da yake so, ɓoyewa kawai ya yi, sai shawarar ta ƙara masa wuya. Mai faɗar kuwa yana zaton sauƙaƙawa ya yi. Haka Yayata take. Idan ya ce duk abin da ta dafa, ba ta huta ba, aiki biyu ya ba ta: ta zaɓa, kuma ta yi hasashen abin da ke ransa. Ta tuna ranar da ya rage tuwo da miyar kuɓewa, ta lura da yadda ya ture faranti jiya, ta karanci fuskarsa yana ci. Da ya ce “dambu nake sha'awa”, da an gama magana cikin daƙiƙa biyar.

Ba na cewa mijinta mugu ne, kuma ba maza kaɗai ke yin haka ba. Akwai magidanta da yawa da matansu ba sa cewa komai sai “duk abin da ka gani, maigida”, su ma a kaɗaice suke yanke komai, daga sayen fili har aurar da 'ya. A wurinmu abin yana da wuyar ganewa saboda yana sanye da rigar halaye masu kyau: kawaici, kunya, biyayya, haƙuri. Wani a gidan da ya tashi, faɗin ra'ayi rigima yake jawowa, sai ya koyi yin shiru. Wani ya taɓa zaɓa aka goranta masa, ya ɗaure ba zai sake ba. Wani kuwa ya dawo daga kasuwa kansa ya ɗau zafi, da gaske ba shi da sauran ƙarfin tunani. Wani ma yana ganin girmamawa ce. Dalilin ya bambanta, amma kayan da ake ɗora wa ɗayan iri ɗaya ne.

Kuma ba kowane “duk yadda kika yi” ne matsala ba. Mutum na iya rashin damuwa da kalar labule tsakani da Allah. Ana gane bambancin ne bayan an zaɓa. Wanda ya bar maka don ya yarda da kai, idan abin ya ɓaci zai ce “mun yi kuskure”, ya zauna a nemi mafita. Wanda ya bar maka don gudun alhaki, a ranar ne za ka fara jin ra'ayinsa. Sannan a duba ko akwai wani fanni, ko guda ɗaya, da shi ma yake ɗauka tun daga hange har bibiya ba tare da an tuna masa ba. Idan babu, to ba rabon aiki ake yi ba. Addini ma bai bar wannan a baya ba. Aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara, da take maganar yaye yaro kafin cikar shekara biyu, ta rataya shi ne a kan yardar iyaye biyu da shawara tsakaninsu. Shawara kuwa ba ta yiwuwa sai kowa ya kawo nasa.

Abin da Yayata ta yi ba wani babba ba ne. Ba ta ce masa “ka riƙa taimaka mini” ba, domin ta taɓa gwadawa, sai ya koma tambayarta me zai yi, aikin ya dawo kanta ta bayan gida. Ta jira ranar da ba a cikin rigima, ta ce, “Abban yara, maganar da ka yi a kan makaranta ta dame ni. Da ka faɗa tun farko, da mun auna tare. Daga yau idan na kawo abu, ina so ka fara faɗin naka kafin in faɗi nawa, ko da ba shi za a bi ba.” Sannan ta cire fanni guda cur ta miƙa masa: karatun yaron da ke biye, daga neman makaranta har zuwa taron iyaye da malamai.

Wahalar ta biyo baya, kuma rabinta a wajenta take. Ya makara wajen karɓo fom, saura ƙiris a rufe. Ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake ta je ta karɓo, amma ta daure. Makarantar da ya zaɓa ba ita za ta zaɓa ba, ta yi shiru, domin ta gane cewa idan ta soki zaɓinsa na farko, ta koya masa ke nan cewa shirun da yake yi a da shi ne daidai. Wanda ya saba riƙe komai shi ma sai ya koyi saki, ya yarda a yi abu ba yadda zai yi shi ba. Har yanzu ita ce ke yanke yawancin al'amuran gidan, hali ba ya sauyawa a zango ɗaya. Amma ranar da malamin yaron ya yi waya a kan kuɗin jarrabawa, lambar uban ya kira.

Kai da ka saba cewa “duk yadda kika yi”, da ke da kika saba cewa “duk abin da ka gani”, idan aka sake tambayarku yau da daddare, ku faɗi abin da kuke so tun kafin a zaɓa. Idan kuma da gaske ba ku da zaɓi, ku ƙara da cewa duk abin da ya biyo baya na ku biyu ne, kuma ku cika wannan alkawarin ranar da abin bai yi daɗi ba.