Sauƙaƙa taƙaitawar bincike ba tare da ƙara gishiri ba

Malamin jami'a da ke neman kuɗin bincike, ko daga asusun TETFund ko daga wata gidauniya ta waje, yakan ɗora wa takardarsa shafi guda a gaba mai taƙaita aikin. A kwamitin da zai duba wannan shafi, masanin fannin kan kasance ɗaya ko biyu, sauran kuwa likita ne, ko masanin tattalin arziki, ko jami'in gidauniyar. Saboda su ake kai shafin wurin mai gyara, a ce ya sassauta harshensa. To, a nan gizo ke saƙa, domin wajen sassauta harshe ne magana kan fi ƙarfin hujjarta.

Mu ƙaddara wata masaniyar aikin gona tana son gwada maganin aflatoksin a gonakin gyaɗa. Aflatoksin guba ce da wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da hanyar rage ta: ana ɗora irin fumfunar da ba ta da guba a kan ƙwayar dawa, a watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Masaniyar ta cika shafinta da sunayen Latin da na na'urorin awo. Waɗannan mai gyara zai iya kwashe su ya mayar cikin babbar takarda, ya bar “aflatoksin” kawai, ya fassara ta sau ɗaya a jimlar farko, kuma kada ya riƙa sauya mata suna daga sakin layi zuwa wani, don baƙon fanni zai zaci abubuwa biyu ake nufi.

Wurin da ya fi haɗari shi ne alƙaluma. Gwaje-gwaje sun nuna wannan hanya kan rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Hannun mai gyara zai yi ƙaiƙayin rubuta “tana kawar da guba” ko “tana mayar da gyaɗa lafiyayya”, don sun fi daɗin ji. Amma a yi lissafi. Idan gyaɗar wata gona na ɗauke da mikirogiram 100 a kowane kilo, ragin kashi 80 zai bar 20. Tarayyar Turai kuwa ba ta yarda gyaɗar ci ta wuce 4 ba. Ke nan an rage sosai, amma abin da ya saura ya ninka iyakar sau biyar. Masanin da ke kwamitin zai gano haka nan take, daga nan kuma sai ya fara zargin sauran shafukan. Jimlar da ta dace ita ce: “A gwaje-gwajen baya, hanyar ta rage gubar da kashi 80 ko fiye idan aka kwatanta da gonakin da ba a sa musu ba.” Wutsiyar nan ta kwatanci ita ake yawan yankewa don rage tsawo, alhali in babu ita adadin ba shi da ma'ana.

Haka batun lafiya yake. An tabbatar aflatoksin na jawo ciwon dajin hanta, don haka a faɗi wannan kai tsaye. Tsumburewar yara kuwa, abin da masana suka fi samu shi ne alaƙa: inda gubar ta yi yawa, tsumburewa kan yi yawa, amma talauci da ƙarancin abinci ma suna wurin. In masaniyar ta rubuta “yana da alaƙa da”, mai gyara ba shi da hurumin mayar da shi “yana haddasa”. A ganina, gara jimla ta ɗan yi nauyi da ta yi alkawarin da aikin ba zai cika ba. Ta ce za ta auna guba a gyaɗa, ba tsawon yara ba, saboda haka kada shafin ya ce aikin zai rage tsumburewa. Sannan a raba abin da aka riga aka gani da wanda za a gwada, “ta rage” daban, “za mu auna ko za ta rage” daban.

Da an gama, a miƙa shafin ga wani daga sashe daban, malamin tarihi alal misali, ya karanta sau ɗaya, ya kife takardar, ya faɗi matsalar, da abin da za a yi, da abin da za a samu. Inda ya yi tuntuɓe, a sake gyara wurin. In kuma ya ce, “Wato Malama za ta kawar da gubar gyaɗa ke nan,” shafin ya yi zuzutawa ko da ba a rubuta kalmar ba. Daga nan a ajiye tsohon rubutu kusa da sabo, a ja layi ƙarƙashin kowane adadi da kowane “kan”, “mai yiwuwa” da “kimanin”, a duba ko sun tsira. Kada mai gyara ya aika da shafin sai mai binciken ta karanta jimla bayan jimla ta amince, domin ita kwamitin zai yi wa tambayoyi.