Yadda aka bi sawun Listeriya har zuwa masana'antar Polokwane

A tsakiyar shekarar 2017 likitoci a asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto, a Afirka ta Kudu, suka lura jarirai sabbin haihuwa masu ɗauke da ƙwayar Listeriya sun yi yawa fiye da yadda aka saba gani. Ƙwaya ce da ke shiga jiki ta abinci. Mai ƙoshin lafiya yakan yi zazzaɓi da gudawa ya warke, amma ga mai juna biyu tana iya zubar da cikin ko ta kama jaririn, ga tsoho da mai raunin garkuwar jiki kuma takan zama sanƙarau. Halinta biyu ne ke wahalar da masu bincike. Tana ci gaba da hayayyafa ko a cikin firiji, sannan tana iya kwanciya a jiki har kwana 70 kafin ciwo ya bayyana. Wa zai tuna abin da ya ci wata biyu da suka wuce?

Don haka tambayar farko ba ta abinci ba ce. Abin da ake son sani tukuna shi ne: waɗannan marasa lafiya daga tushe ɗaya suka kamu, ko kowa da inda ya kwaso tasa? Listeriya tana cikin ƙasa da ruwa da kwatamin mahauta, ganinta a jinin mutum biyu bai nuna komai ya haɗa su ba. Nan ne karanta kundin halittar ƙwayar gaba ɗaya yake shigowa.

Kowace ƙwayar Listeriya tana ɗauke da wani dogon zare na gado, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Tsawonsa ya kai haruffa wajen miliyan uku. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu sai ta kwafe zaren, kuma jefi-jefi takan yi tuntuɓen harafi ɗaya, wanda zuriyarta za ta gada. Wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan fiƙihu na rubutun hannu ya san abin. In ka ga kwafi biyu sun tsallake kalma ɗaya a wuri ɗaya, ka san daga hannun magatakarda ɗaya suka fito. In kuwa kura-kuransu sun sha bamban a ɗaruruwan wurare, to sun daɗe da rabuwa.

A ɗakin gwaji ana fara shuka jinin majiyyaci ko ruwan ƙashin bayansa a faranti har ƙwayar ta tsiro. Sai a tsinci ɗigo ɗaya tak, domin in iri biyu suka gauraya karatun zai rikice. A fasa ƙwayoyin, a tace zaren, a daddatsa shi guntu-guntu. Na'urar da aka fi amfani da ita ba ta iya karanta zaren a miƙe, haruffa 150 zuwa 300 take karantawa daga kowane guntu. Kuma takan yi kuskure. Maganin wannan shi ne maimaici: ana so a karanta kowane gurbi sau talatin ko fiye. In karatu 39 cikin 40 sun ce G, ɗaya ya ce T, laifin na'ura ne. In duka 40 sun ce T alhali sauran samfura G gare su, to ƙwayar ce ta canza da gaske. Daga nan kwamfuta ke harhaɗa guntayen ta inda bakunansu suka yi daidai.

Kwatantawar kuma mataki biyu ce. Na farko ana duba sassa bakwai kawai na zaren, a ba ƙwayar lambar dangi. Cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar, NICD, ta gano cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na samfuran majiyyatan da ta karanta lambarsu ɗaya, ST6. Sai dai wannan kamar a ce mutane duka Kanawa ne. ST6 tana nan a Turai da Amurka ma, ba ta isa hujja ba. Mataki na biyu shi ne a jera sassa 1,748 da kusan kowace Listeriya ke da su, a ƙirga wuraren da samfura biyu suka saɓa. A wannan tsari, saɓanin da bai wuce bakwai ba ana ɗaukarsa alamar tushe ɗaya. Samfuran ST6 na Afirka ta Kudu ba su saɓa wa juna a fiye da huɗu ba. Wato ba 'yan gari ɗaya kawai ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta ayyana annoba. An san tushen ɗaya ne, kuma tunda cutar ta bazu a dukan lardunan ƙasar tara, an san abinci ne da ake rabawa ko'ina. Amma wane abinci? Na'ura ba ta da amsar wannan, domin ba ta kwatanta abin da ba a kawo mata ba. Sai aka koma ga tambayar majiyyata ɗaya bayan ɗaya. Cikin 109 da aka zanta da su, kashi 85 cikin ɗari sun ce sun ci sarrafaffen naman da ake ci ba dafawa, galibi foloni, wani niƙaƙƙen nama mai araha da ake yankawa a sa cikin burodi. Wannan ma zato ne kawai, don foloni abincin kowa ne a can, masu lafiya ma suna cinsa kullum.

Bakin zaren ya fito a Janairun 2018, lokacin da aka kai yara tara daga wani gidan renon yara na Soweto asibiti da zazzaɓi da gudawa. Su ciwon nasu da wuri ya taso, saboda haka ba a manta abin da suka ci ba, kuma ragowar folonin tana nan. Aka sami ST6 a bayan gidan ɗaya daga cikin yaran, aka same ta a folonin. Tambarin da ke jikin ledar ya kai jami'ai masana'antar Enterprise Foods ta kamfanin Tiger Brands a Polokwane. Suka goga auduga a wurare daban-daban na masana'antar, aka shuka, aka karanta. Ƙwayar da ta tsiro ta faɗa cikin wancan ɗaki na saɓani huɗu. Ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya bayyana sunan masana'antar, aka janye kayan daga kasuwa.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, wanda ni a ganina shi ya fi nuna amfanin aikin. An sami Listeriya a wata masana'antar nama ta wani kamfani daban, amma ba ST6 ba ce. An janye folonin nata saboda ƙazanta, sai dai ba a ɗora mata wannan annoba ba. Da gwajin shuka kaɗai aka tsaya, da duka biyun laifinsu ɗaya a idon hukuma.

Lambar bakwai ɗin nan kuma kada a riƙe ta kamar doka. Listeriya takan laɓe shekaru a tsagar inji ko magudanar ruwa tana canzawa a hankali ƙwarai, har samfurin bana ya yi kama da na shekara biyar baya. Masana'antu biyu da ke sayen ɗanyen nama wuri ɗaya ma suna iya ɗaukar ƙwaya ɗaya. Kusancin haruffa ba ya faɗin wa ya shafa wa wani. A Polokwane hujjar ta tsaya ne don abubuwa uku sun haɗu, bakin majiyyata, ragowar abinci da audugar masana'anta, sannan aka ga sababbin masu kamuwa sun ragu sosai cikin makonni kaɗan bayan janye kayan.

A watan Satumba 2018 aka sanar da ƙarshen annobar. Mutum 1,060 aka tabbatar sun kamu, 216 daga cikinsu suka rasu.