Hular da Ta Sauya a Bakin Ƙofa

Ba a jere ake ɗaukar fim ba. Jarumi zai fito daga ɗaki ranar Litinin, amma sai Alhamis a ɗauki isowarsa zaure. A idon mai kallo kuwa taku biyu ne.

Shi ya sa ake ajiye mutum guda da takardar labarin, yana rubuta komai a gefen kowace fitowa: hula zanna ce, ta karkata hagu, shayi rabin kofi, lokaci bayan la'asar. Yakan ɗauki hoto da waya ya haɗa.

Lokacin ya fi wuya. Hula a sake ta, amma inuwar la'asar ba ta samuwa da hantsi, dole a jira.

In ka ga kofi ya cika da kansa a fim, takardar nan aka yi wa sakaci.