Alamomi Uku Da Za Su Kai Kaka Ga Waƙar Shata

Idan aka buɗe ajin koyar da manya amfani da waya a unguwa, ɗalibai irinku ake yawan kira su yi bayani. Matsalar ita ce yatsunmu sun fi bakinmu sauri. Sai mu karɓi wayar dattijo, mu danna nan mu danna can, waƙa ta tashi, shi kuwa bai ga yadda aka yi ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a bar wayar a hannun mai ita, a koya masa alamomi uku kacal, domin ko wanda bai yi boko ba yana gane hoto.

Kafin ranar, ku tabbatar an sa manhajar Audiomack a kowace waya, an shiga cikinta, an kuma ƙara girman rubutu. Ku zana alamomin uku a allo. Ga jawabin minti biyar da za ku iya yi:

"Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, barkanku da zuwa. Yau kowa zai nemo waƙa da hannunsa, ya adana ta, ya saurara. Za mu gwada da Bakandamiyar marigayi Alhaji Mamman Shata.

"Alama ta farko da'ira ce mai mariƙi, kamar ƙaramin madubi. Ita ce ta nema. Baba, a taɓa ta sau ɗaya, a ɗage yatsa, kada a danne. A rubuta sunan mawaƙi tukuna, sannan sunan waƙa: Shata Bakandamiya. Idan aka rubuta Shata kawai, waƙoƙi da yawa za su fito, a rasa wadda ake so. Wanda rubutu ke masa wuya, mun rubuta kalmomin a allo, sai ya kwafa harafi bayan harafi. A taɓa sakamakon farko a ɗan saurara, a tabbatar muryarsa ce, don wani lokaci akan ɗora waƙa da sunan da ba nata ba.

"Alama ta biyu kibiya ce mai kallon ƙasa. Ita ce ta saukewa. Sauraro ba tare da saukewa ba kamar zuwa rijiya ne duk lokacin da aka ji ƙishi: kowane zuwa sai data ta ragu. Saukewa kuwa cika randa ne. Minti ɗaya na waƙa yana cin kusan megabayit ɗaya. Waƙar minti 10, megabayit 10 ke nan. Idan Hajiya tana jin ta kullum daga intanet, a wata guda za ta iya cin kusan megabayit 300. Idan ta sauke, 10 ɗin nan ne kawai. A taɓa kibiyar, a jira ta gama, kada a rufe data a tsakiya.

"Alama ta uku mai kusurwa uku ce, bakinta na kallon dama. Ita ce ta kunnawa. Da waƙa ta tashi, sai ta koma sanduna biyu a tsaye, wato ta tsayarwa. Waƙoƙin da aka sauke suna cikin My Library. Yanzu kowa ya rufe datarsa ya kunna. Wanda tasa ta tashi, ta sauku ke nan. Wanda tasa ke ta juyawa ba sauti, ya ɗaga hannu."

Idan hannu ya tashi, abu biyu za ku fara dubawa: ko data ta yanke kafin saukewar ta kammala, ko ma'ajiyar wayar ta cika. Ku kuma sanar da su cewa waƙar tana zaune ne a cikin manhajar, idan aka goge manhajar, ta tafi.

Akwai gargaɗi ɗaya da bai kamata ku tsallake ba. Wasu dattawan za su nemi waƙa a Chrome, inda shafuka da yawa ke da manyan maɓallan Download na bogi, waɗanda talla ne kawai. Waƙa takan ƙare da .mp3. Abin da ya ƙare da .apk manhaja ce, kuma tana iya zama ta masu satar bayanai. Ku faɗa musu a taƙaice: waƙa ba ta neman a danna Install, ba ta kuma neman lambar sirrin banki.

A ƙarshe, kowane dattijo ya zaɓi mawaƙinsa, ko Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya Jos ko Barmani Choge, ya bi alamomin uku daga farko shi kaɗai. Ku kuwa ku tsaya kusa, hannuwanku a baya.