Ayo: Yadda Ake Ƙirga 'Ya'ya Kafin a Ɗauka

A ƙasar Yarbawa ana buga ayo a kan katako mai gurbi 12, shida gabanka shida gaban abokin wasa, da 'ya'ya 48, huɗu a kowane gurbi. Mai wasa yakan kwashe gurbinsa ɗaya, ya riƙa zuba ɗai-ɗai yana yin dama a layinsa, sannan ya shiga layin abokin. A tsarin da ake cin biyu da uku, idan ɗan ƙarshe ya faɗa gurbin abokin ya mayar da shi biyu ko uku, ka ci. Sai ka koma da baya kana kwashe duk mai biyu ko uku, har ka tarar da wanda ba haka ba. Wanda ya tara 25 ya yi nasara.

Gwanaye ba sa bin gurabe da yatsa. Ka ba naka lamba 1 zuwa 6 daga hagu, na abokin 7 zuwa 12 yadda zubin ke tafiya. Lambar gurbi a haɗa da yawan 'ya'yansa, nan ɗan ƙarshe zai sauka.

A ce gurabenka suna da 3, 0, 6, 1, 3, 4, na abokin kuwa 1, 2, 1, 5, 2, 0. Ɗan koyo sai ya yi wuf ya ɗauki na 6 don ya fi kusa. Shida da huɗu goma ne, gurbi na 10 kuma yana da biyar, zai zama shida: ba ci, ga shi ya ƙara wa abokinsa huɗu a banza. Na 5 zai sauka a 8, ya ci gurbi biyu, 'ya'ya biyar. Na 3 ya fi. Uku da shida tara, don haka 9 ya zama biyu, 8 uku, 7 biyu, an kwashe bakwai a zubi ɗaya.

Amma kada hannu ya taɓa katako sai an duba ramuwa. Gurbinsa na 10 zai kai 15, a cire 12, saura 3, inda ka bari fayau. Ɗa ɗaya ba ya ciwuwa. Na 11 zai sauka a gurbinka na 1 ya mayar da shi huɗu. Ba abin tsoro, sai ka buga.

Lissafin yakan rikice idan gurbi ya tara 12 ko fiye, abin da Yarbawa ke kira odu. Ana tsallake gurbin da aka kwashe, saboda haka zagaye ɗaya 'ya'ya 11 yake ci. Goma sha biyar a gurbi na 6 zai zagayo da ragowar huɗu ya sauka a 10. Gurabe 7 zuwa 10 sun sami bibbiyu ke nan, kuma idan da ma fanko ne ko masu ɗa ɗaya, duka huɗun naka ne. Wanda ya ƙirga zagayen da 12 zai yi zaton 9 zai sauka.