Canza Maɗaurin Agogo a Gida: Milimita Ɗaya Na Iya Jawo Asara

Zufa da zafi sukan cinye maɗaurin agogon hannu tun injinsa yana da sauran shekaru a gaba. Canza shi aikin 'yan mintuna ne, amma kafin a je sayen sabo sai an yi awo.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin kunnuwa biyun nan na jikin agogo, inda maɗauri yake shiga. Ana ɗora rula daga cikin wannan kunne zuwa cikin wancan, a karanta da milimita. Yawancin agogunan maza 18 ne, ko 20, ko 22, sai dai akwai masu 19 da 21, kuma su ne suka fi ruɗa mutane. Wasu tsofaffin maɗauran ma an buga lambar a bayansu. Idan aka sa mai 20 a gurbin 21, za a ga ƙarfe yana leƙowa, maɗaurin kuma ya riƙa zamewa gefe har wata rana ya danne fil ɗin, agogo ya faɗi.

Fil ɗin ɗan bututu ne mai sifirin a ciki. Na gargajiya sai an sa ɗan ƙarfe mai baki biyu an danna shi, shi ya sa masu gyara kan manna salatif a kunnuwan don kada a karce su. Na zamani kuwa yana da ɗan maballi a bayan maɗauri, farce kawai ya isa. A kifa agogon a kan ƙyalle, a zura bakin fil ɗaya a raminsa, a ja maballin, a saki a ɗaya ramin har sai an ji ƙas. Ɓangaren da ke da ƙarfen ɗaurewa yana zama ta wajen ƙarfe 12.

Sauƙin nan yana da iyaka. A ɗauki Seiko SKX007, agogon masu ninƙaya: tazararsa 22 ce, amma fil ɗinsa na asali kaurinsa milimita 2.5 ne, ramukansa ma masu faɗi. Fil mai maballi galibi 1.5 ne ko 1.8, da siririn baki. Zai shiga, amma zai riƙa rawa, a hankali yana cin ramin. Irin wannan agogo mai nauyi gara a bar masa fil ɗinsa mai kauri.

Bayan an ɗaura, a ja kowane ɓangare da ɗan ƙarfi a saman katifa. In an ji motsi, ko maballin bai koma wurinsa ba, a cire a sake. Fil ɗin da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa kuwa, a jefar da shi a sayi sabo.