Masallacin Zariya a kan takarda: yadda ake karanta zanen tsohon gini

Wanda ya buɗe littafin Zbigniew Dmochowski, masanin ginin nan ɗan ƙasar Folan da ya auna tsofaffin gine-ginen Nijeriya, zai tarar da zane iri uku na gini guda: filan, sekshan da elibeshan. Kowanne gefe ɗaya na labarin yake faɗa, sai an haɗa ukun ake sanin ginin. Mu gwada da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Ka ɗauki kabewa. In ka yanka ta a kwance ka cire saman ka leƙa, filan ke nan. In ka tsaga ta daga sama har ƙasa ka dubi cikinta daga gefe, sekshan ke nan. In ba ka taɓa ta da wuƙa ba, ka tsaya gabanta kawai kana kallo, elibeshan ke nan.

Mutane da yawa suna ɗaukar filan hoton gini ne daga sama, alhali yanka ne da ake ƙaddara an yi shi a wajen mita ɗaya daga daɓe. Duk abin da yankan ya ratsa, bango ne ko ginshiƙi, ana zana shi da layi mai kauri ko a cike shi da baƙi. Inda baƙin ya katse, ƙofa ce. Layi siriri abu ne da ke ƙasa da yankan, kamar dakali ko matakala. Layi mai tsinke-tsinke kuwa abu ne da ke bisa kanka. A filan ɗin masallaci, fara neman kibiyar arewa, sannan ka nemi ɗan lungun da ke bangon gabas: mihrabi ne, kuma daga shi za ka gane yadda sahu ke tsayuwa. Manyan baƙaƙen tabo da ke tsakiyar ɗakin salla ginshiƙai ne. In ka ga tsinkakkun layuka sun tashi daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, bakan gizo ne ke ɗauke da rufin a can sama, ba wani abu ne a ƙasa da za ka yi tuntuɓe da shi ba.

Awon yana hannun sikeli. In an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a fili. A ce ka sa rula tsakanin ginshiƙai biyu ka sami santimita 4 da rabi, to mita 4 da rabi ke tsakaninsu. Sai dai in an rage girman takardar wajen bugawa, lissafin ya lalace, sai ka koma ga ɗan layin ma'auni da ke gindin zanen, domin shi tare da zanen yake raguwa.

Nan ne tambaya take tasowa. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kusan mita biyu, to ta yaya aka rufe fili mai faɗi haka? Filan ba ya amsa wannan. Nemi dogon layi da ya ratsa shi mai harafin A a bakinsa biyu, da kibiyoyi masu nuna inda za ka fuskanta, sannan ka nemi zanen da aka rubuta wa A–A. A nan za ka ga bangon tubali yana da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Za ka ga kuma azara an binne ta cikin laka hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan miƙo gaba fiye da na ƙasansa, har ɓangarorin biyu su haɗu su zama baka, tulluwa ta zauna a kai. A ganina gwanintar Malam Mika'ilu a sekshan take, kuma shi ne zanen da sabon shiga ke yawan tsallakewa.

Elibeshan ya fi sauƙin ganewa, ya kuma fi ruɗi, domin ba ya nuna kusa da nesa. Zauren shiga da ke gaba da tulluwar da ke can baya sai su fito kamar a bango ɗaya suke. Amfaninsa shi ne tsayi, da inda ƙofa da indararo suke; zurfi kuwa sai ka koma filan.

Kafin ka ajiye takardar, duba shekarar da aka yi awon. A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon ɗakin sallar Zariya da sabon ginin siminti, saboda haka fuskar da tsohon elibeshan ke nunawa ba ita za ka gani daga waje yau ba. Mai son gwada zanen da ido zai iya zuwa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin.